Shirun da Ke Kashe Ƙungiya

Ƙannena, matasan Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Baure, da ku nake magana, musamman wanda abokansa suka ɗora wa shugabanci alhali bai taɓa riƙe kowa ba. Da zarar an kammala girbi, za ka ga samari sun haɗa kai, wasu su kama noman rani a kusa da madatsar ruwa ta Sabke ko ta Daberam, wasu su kafa ƙungiyar yashe kwatoci, 'yan mata su haɗa jarin soya awara ko ɗinki. Ana farawa da addu'a da farin ciki. Kafin sanyi ya wuce, da yawa daga cikin waɗannan tafiyoyi sun mutu, kuma in ka tambayi abin da ya faru sai a ce maka ba komai, kowa dai ya kama gabansa. Wannan “ba komai” ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A shekarar 1965 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bruce Tuckman, ya tattara rubuce-rubuce 50 da aka yi a kan ƙananan ƙungiyoyi, ya lura cewa galibinsu suna bin hanya ɗaya. Da farko ana haɗuwa ana jin nauyin juna. Sai rikici ya taso. Sai a daidaita a kan ƙa'ida. Daga nan ne aiki ke kankama. A 1977 shi da Mary Ann Jensen suka ƙara mataki na biyar, wato rabuwa bayan an gama. Yawancin ƙungiyoyin da ya duba na masu karɓar magani ne a wurin likitocin ƙwaƙwalwa da na masu samun horo, ba manoma ba, saboda haka kada ka ɗauki tsarin nan kamar doka. Amfaninsa shi ne yana gaya wa shugaba abin da zai sa ran gani, kuma yana nuna masa cewa hannun da ya riƙe mutane da shi a makon farko ba shi zai riƙe su da shi a wata na huɗu ba.

Kakanninmu ba su buƙaci wannan bayani a ranar gayya ba. Mutum talatin za su shiga gonar mutum ɗaya da safe, kafin la'asar sun gama noma, babu zama babu muhawara. Dalili shi ne an riga an yi rikicin an gama tun kafin a haife su: kowa ya san abin da ke kan mai gayya na abinci da fura, ya san in bai je ta wani ba ba za a zo tasa ba. Haka hawan Sallar Gani, inda kowace tawaga ta san gurbinta a jeri. Ku kuwa da kuka haɗu bana a kan jari da injin ban-ruwa, babu wanda ya gadar muku da ƙa'ida. Ku za ku ƙera ta da hannunku, kuma ba a ƙera ta sai an ɗan ji zafi.

Mu ƙaddara ku tara ne, kun kama hayar fili eka biyu za ku shuka tumatir. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, ku sauya su da farashin ranar da kuke ciki. Mutum takwas sun zuba naira 50,000 kowanne. Na tara ba shi da kuɗi, amma ya kawo injin ban-ruwa na gidansu. A cikin takwas ɗin akwai ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, wanda ba zai samu zuwa ba sai Asabar da Lahadi. Kai aka zaɓa shugaba.

A makonnin farko za ka ji daɗin shugabanci, domin duk abin da ka faɗa sai a ce “yadda ka gani ya yi.” Kada wannan ya ruɗe ka. Ba yarda ba ce, jin nauyi ne, kowa yana auna kowa. A nan aikinka shi ne ka yi magana fiye da yadda za ka yi nan gaba, ka kuma fayyace abubuwa ƙarara: me za a shuka, yaushe za a yi renon iri, yaushe za a yi dashe, wa zai riƙe kuɗi. Kada ka haɗa shugabanci da ma'aji a hannunka, ko da sun roƙe ka. A sayi littafi guda, a rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a gaban mutum biyu. Sannan ka ba su aikin da zai ƙare a yini ɗaya, kamar tayar da fangali ko shinge, domin a aikin yini ɗaya za ka ga mai zuwa da wuri, da mai yawan magana, da mai aiki shiru ba ya so a gan shi.

Akwai tambayoyi biyu da ya kamata ka jefa tun a zaman farko, ko da za a ga kamar ka ɓata daɗin zama. Injin nan, aro ne, haya ce, ko jari? Kuma wanda yake zuwa kullum da wanda yake zuwa kwana biyu a mako, rabonsu ɗaya ne? Na kusa tabbata za a ce maka, “Haba, ai duk ɗaya muke, Allah dai ya kai mu.” Kada ka matsa. Ka ce a rubuta su a littafi a matsayin maganar da ba a gama ba, a sa ranar da za a dawo kansu. Mutanen da ba su sha wahalar aikin ba tukuna ba su san abin da zai yi musu ciwo ba, amma da ka rubuta, ka buɗe ƙofar da za a shigo da maganar ba tare da wani ya zama mai tayar da fitina ba.

Yanzu ga inda na fi so ku saurara. Bayan dashe, lokacin da hunturu ya kankama, ban-ruwa ya zama na kowane 'yan kwanaki, ga kuɗin fetur da ya zama abin tsoro tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, ga ba a fara ganin ko sisi ba, a nan rikici yake zuwa. Littattafan da ke bayanin wannan mataki suna siffanta shi da gardama da ɗaga murya. A wurinmu sau da yawa ba haka yake fitowa ba. An tarbiyyantar da mu a kan kara da kawaici. Yaro ba ya musu da wanda ya girme shi, aboki ba ya ƙirga wa aboki kwanakin aiki. Saboda haka rikicinmu yana zuwa ne da shiru.

Ga yadda za ka gane shi. Wanda ya saba zuwa bayan sallar asuba ya koma zuwa da hantsi. Ana aika saƙo a zauren waya, mutum uku kawai ke amsawa. Mai injin ya fara cewa babansa yana nemansa da shi gobe. A zama kowa ya yi gum, an tashi kuma sai ka hango su biyu-biyu a gindin darbejiya suna magana ƙasa-ƙasa. Kalmar “mu” ta ragu, “su” ta yawaita: “su ne suka ce a sayi wannan takin.” Sannan labarin gonarku ya fara zuwa maka daga bakin wanda ba ya cikin tafiyar, wataƙila a majalisar mai shayi. In ka ga uku daga cikin waɗannan, rikici ya riga ya shigo, ko da ba wanda ya ɗaga murya.

Kuskuren da shugabanni matasa suka fi yi shi ne su ce a bar kaza cikin gashinta, su yi ta ba da haƙuri da tunatarwa a kan zumunci. Haƙuri alheri ne, amma ba ya amsa tambayar wanda ya yi ban-ruwa sau goma cikin sanyi yana kallon wanda ya yi sau biyu. Kuskure na biyu kishiyar wannan ne: shugaba ya ga ana ƙalubalantarsa, ya ɗauka raini ne, ya kori wanda ya fi kowa ƙorafi. Sau da yawa mai ƙorafin nan shi ne bakin mutum huɗu da suka yi shiru. In ka kore shi, maganar tana nan, ka dai rasa wanda zai gaya maka ita.

Abin da za ka yi yana da tsari. Fara da bin su ɗaya-ɗaya, ba a gona ba, a ƙofar gida bayan isha'i ko a kan hanyar kasuwa. Kada ka tambayi mutum ko akwai matsala, domin amsar ita ce babu. Tambaye shi abin da zai iya amsawa ba tare da ya ci naman kowa ba: “Malam, in kai ne ni, me za ka gyara a rabon ban-ruwan nan?” Ka saurara, kada ka kare kanka, kada ka kai maganar wani wurin wani. Bayan ka zagaya za ka tarar cewa ƙorafin da kake zaton guda tara ne, biyu ne ko uku. Mai injin yana ganin ana kashe masa kaya, an kwana biyu ba a canza baƙin mai ba, kuma in ya lalace shi zai tsaya gaban babansa. Masu zuwa kullum suna ganin ɗalibi zai ci guminsu. Ɗalibin shi ma yana jin ana harararsa, alhali ya faɗi halin da yake ciki tun ranar farko.

Sai ka kira zama, ka ɗauki nauyin maganar a bakinka. Kada ka ce wane ya ce. Ka ce, “Jama'a, akwai tambayoyi biyu da muka rubuta muka ajiye, lokacinsu ya yi.” Ka sa mafi ƙanƙanta a shekaru ya fara magana, a hau zuwa babba, kai ka zama na ƙarshe. Wannan ya saɓa wa yadda muka saba, amma in yaya ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ƙane ba zai ce komai ba sai “haka ne.” Duk lokacin da magana ta karkata daga aiki zuwa hali, wani ya ce “kai dama haka kake,” ka dawo da ita kan injin da kwanaki. Saɓani a kan yadda za a yi aiki yana gyara ƙungiya. Saɓani a kan asali, ko gidan su wane, ko jam'iyyar da wani yake bi, wannan ba ya haifar da komai sai gaba, kuma shi ne wanda za ka tare da wuri.

Ga irin matsayar da za ta iya fitowa. Injin a ƙiyasta hayarsa ta kaka guda a kan naira 50,000, ta zama jarin mai shi, gyara da baƙin mai kuma a kan ƙungiya. Kowace ranar aiki a rubuta ta, a yi mata kuɗi, a ce naira 2,000, ba za a biya yanzu ba sai an sayar. Ranar rabo a fara mayar da jari, sannan a biya kwanakin aiki, abin da ya rage a raba daidai. A ce an sayar da tumatir na naira 1,500,000. An cire jari 450,000, saura 1,050,000. Kwanakin aiki na kowa da kowa sun kama 300, wato 600,000, saura 450,000, kowa ya samu ribar 50,000. Wanda ya yi kwana 50 zai tashi da 200,000, ɗalibin da ya yi kwana 10 zai tashi da 120,000. Ba wanda aka kora, ba wanda aka zalunta, kuma ɗalibin zai iya shiga gona da kai a ɗage. Wata ƙungiya za ta zaɓi wani lissafin dabam, ba laifi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar wannan lissafi sai ranar da kuɗi ke kan tabarma.

Kuna iya gayyato dattijo ɗaya da kowa ya yarda da shi, ya zama shaida a kan abin da kuka cimma. Amma shaida, ba mai yanke hukunci ba. In kuka garzaya wurin mai unguwa tun kafin ku gwada da kanku, zai sasanta ku don girmansa, kowa ya ce ya haƙura, ku koma gona da abin da ke cikinku. Sai dai akwai abin da ba ya cikin wannan babi. In kuɗi suka ɓace daga hannun ma'aji, ko aka kama wani yana sayar da taki a ɓoye, kada ka ce mataki ne da zai wuce. Cin amana ne, kuma a nan ne ake buƙatar manya.

Wata mai bincike, Connie Gersick, ta bi diddigin ƙungiyoyi takwas masu aikin da ke da wa'adi, ta wallafa abin da ta gani a 1988. Ta tarar ba lallai su bi matakan Tuckman ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne suna tafiya a kan salon da suka ɗauka a zaman farko har sai rabin wa'adi ya cika, a nan sai su farka su sake tsari. Wannan darasi ne mai sauƙin aiki da shi. In nomanku daga Nuwamba ne zuwa Maris, ku sa ranar babban zama a tsakiyar Janairu tun yanzu. Zaman da aka tsara tun kafin a yi fushi ba ya kama da tuhuma.

Bayan wannan sai a shiga daidaitawa, kuma za ka ji sauƙin a jikinka. Jadawalin ban-ruwa ya tsaya, ana raha, wanda ba zai samu zuwa ba yana nemo mai canjinsa da kansa. Ƙa'idojin su zama kaɗan, biyar ko shida da kowa zai iya haddacewa, kuma su fito daga bakin 'yan ƙungiya. Jarrabawar gaskiya tana zuwa ranar da aka fara karya ɗaya, kuma kusan kullum wanda zai fara karyawa na kusa da kai ne, amininka ko ɗan ɗakinku. Idon mutum bakwai yana kanka a ranar. In ka cire masa tarar da aka amince, ƙa'ida ta zauna. In ka kau da kai, kun koma sanyin Disamba. Ka kuma kula da wani haɗari na wannan lokaci: saboda an sha wuya kafin a samu zaman lafiya, sai kowa ya ji tsoron kawo abin da zai ɓata shi. Wani zai ga ganye ya fara nuna alamar tsutsa ya yi shiru don kada a ce yana sukar mai feshi. Ka riƙa tambaya a ƙarshen kowane zama, “Me muka gani a gona wanda ba mu so?” Wanda ya fara kawo labari marar daɗi, ka gode masa a gaban kowa.

Idan tumatir ya nuna aka fara tsinka, in Allah ya sa an bi hanyar nan, za ka iso gona ka tarar an tayar da injin, an jera kwanduna, ba wanda ya jira ka. Wannan shi ne matakin da ake nema, kuma a nan wasu shugabanni ke ɓata abin da suka gina, domin ba su saba da a yi abu ba tare da su ba. Sake musu hannu. A yarda cewa mai kula da injin zai iya kashe kuɗi har zuwa wani adadi ba sai ya nemi izini ba, mai feshi ya yanke ranar feshi. Kai ka juya fuskarka waje, inda ba wanda zai tsaya musu sai kai: ka san farashin kwando a kasuwa kafin dillali ya iso gona, ka shirya mota da wuri, ka je ka gaida mai gari da ardo tun kafin dabba ta shiga shinge, ka yanke shawara da su a kan yawan da za a yanka a shanya idan kaya suka cika kasuwa farashi ya faɗi. Ka kuma lura da wanda ya fi kowa ƙoƙari, domin shi ake ɗora wa komai har ya gaji bai faɗa ba.

Kada ka zaci an wuce rikici har abada. Manoman tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa. Masifa irin wannan, ko shigowar sabon mutum, ko fitar wanda yake riƙe da littafi, tana iya mayar da ku baya cikin mako guda. In ta faru, sake kama ragamar kamar ranar farko, ka fayyace, ka bi su ɗaya-ɗaya. Sabon shiga kuwa a zaunar da shi a karanta masa ƙa'idoji tare da dalilin kowacce, tun da bai ga wahalar da ta haife su ba.

In kaka ta ƙare, kada ku watse ta waya. A zauna, a karanta littafi daga shafin farko, a ba kowa haƙƙinsa a hannu, a mayar da injin a wanke da sabon baƙin mai, a je tare a gode wa mai fili, a yafi juna. Wanda ba ya son komawa baɗi a sallame shi da mutunci, ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Saboda haka ƙanena, ko ƙanwata da ke riƙe da ƙungiyar 'yan'uwanki mata, in tafiyarku ta kai wata biyu kuma har yau ba wanda ya taɓa saɓa maka a zama, kada ka jira. Wannan makon ka fara zagaya su ɗaya-ɗaya, ka soma da wanda ya fi kowa shiru. Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a abin da kuka shuka.